Yadda Ake Warware Jerin "Daga 3 Zuwa 7" Ya Koma Lamba Ɗai-Ɗai a Excel

Tambayar da masu karatu suka fi yawan aiko mana daga Garuwa, Marwa, Kuseri da Njamena kan aikin lissafin ofis ita ce wannan: an kawo mini takarda an rubuta 3-7, 12, 15-18, yaya zan sa kwamfuta ta fito mini da 3, 4, 5, 6, 7, 12, 15, 16, 17, 18, kowace lamba a layinta? Mai riƙe da kundin rasit na ƙungiyar manoma yana buƙatar wannan. Sakataren makaranta da ke raba lambobin teburin jarrabawa ma haka, da mai sito da ke lissafin buhunan albasa ko na auduga masu lamba.

Warwarewar kanta fomula uku ce. Inda aikin ke lalacewa shi ne kafin a kai gare su, wato wajen shigar da rubutun da tsabtace shi da ƙirga shi, don haka can za mu fi daɗewa.

Misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe. Ƙungiya ta ba wakilai biyu rasit su karɓi kuɗin wata, sefa 500 kowane rasit. Wakili A ya dawo da 3-7, 12, 15-18. Wakili B ya dawo da 17-21, 30-26. Da gangan muka bar kurakurai biyu a ciki, irin waɗanda ake gamuwa da su kullum. Kowane "daga kaza zuwa kaza" za mu kira shi zango.

Abin da ake buƙata

Kwamfuta mai Excel, ko da tsohon ne irin na 2010 ko 2013 ko 2016. Hanyar da za mu bi ba ta buƙatar intanet, ba ta kuma buƙatar sayen komai a kan abin da kake da shi. Sabon Excel na 2021, ko Microsoft 365 da ake biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara, yana gajarta mataki ɗaya ne tak, kuma ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya kashe kuɗi saboda wannan aikin kaɗai ba.

Mun rubuta fomulolin da sunayen Faransanci, tunda shi ne a yawancin kwamfutocin ofisoshinmu. Mai Excel na Ingilishi zai tarar da nasa a mataki na 8.

1. Ka ƙirga da hannu tukuna

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka ɗauki biro. Yawan lambobin da ke cikin zango shi ne ƙarshe a debe farko, sannan a ƙara ɗaya. Daga 3 zuwa 7 ba huɗu ba ne, biyar ne, domin 3 ɗin kanta tana ciki. Wanda ya manta da ƙarin ɗayan nan yana zubar da rasit ɗaya a kowane zango. A misalinmu zango biyar ne, ka ga rasit biyar sun salwanta ke nan, sefa 2,500, kuma babu wanda ya ci su.

Ka kuma tambayi wanda ya rubuta jerin abin da yake nufi da lambar ƙarshe. Wani idan ya rubuta 15-18, nufinsa ya yanka har da 18. Wani kuwa 18 ita ce rasit ɗin da ya tsaya a kai, tana nan manne a kundi bai yanka ba. Kwamfuta ba za ta raba maka wannan gardamar ba. A nan mun ɗauka cewa lambar ƙarshe tana ciki, wanda shi ne abin da aka saba.

2. Ka mai da kolon A ta rubutu kafin ka buga komai

Ka danna harafin A da ke saman takarda don zaɓar kolon ɗin gaba ɗaya, ka danna Ctrl+1, ka zaɓi Texte, sannan OK. Bayan haka ne za ka fara bugawa. Layi na 1 na kanu ne. Zango ɗaya a kowane layi, daga A2 zuwa A6, sunan wakili kuma a kolon G.

```
A2: 3-7      G2: A
A3: 12       G3: A
A4: 15-18    G4: A
A5: 17-21    G5: B
A6: 30-26    G6: B
```

Gargaɗi: idan ka tsallake wannan, da zarar ka buga 3-7 ka danna Entrée, Excel zai ɗauka kwanan wata kake nufi, ya rubuta maka 03-juil, wato 3 ga Yuli. Abin da ke sa kuskuren ya ɓuya shi ne ba kowane zango yake taɓawa ba. 15-18 zai zauna yadda yake, tunda babu wata na 15 ko na 18, sai ka duba takarda ka ga yawancinta lafiya lau, alhali ƙananan zangunan sun riga sun rikiɗe. Hanyar ganewa da ido: rubutu yana jingina da hagun gida, lamba da kwanan wata suna jingina da dama.

Mai da gidan Texte bayan ɓarnar ta auku ba ya gyara komai. Abin da za ka gani lamba ce mai tsawo, misali 45841, wadda ita ce 3 ga Yuli 2025 a ƙirgen kwanakin Excel. Ainihin 3-7 ya tafi, sai dai ka sake bugawa daga takardar asali. Saboda haka kada ka yar da takardar wakili sai an rufe lissafi. Idan gida ɗaya ne kawai za ka gyara, ka fara da alamar nan ta sama, ka buga '3-7, Excel zai bar shi a matsayin rubutu.

Kolon A kaɗai za ka mai da Texte. Sauran su zauna a Standard. In ka buga fomula ta fito a rubuce maimakon ta ba da amsa, gidan ne ya zama Texte: ka mai da shi Standard, ka danna F2, sannan Entrée.

3. Idan jerin ya zo a dunƙule cikin gida ɗaya

Sau da yawa ta WhatsApp ake turo jerin, duk a layi guda da waƙafi a tsakani. Ka manna shi a gidan da ka riga ka mai da Texte a wata takarda daban. Ka shiga Données, ka zaɓi Convertir, sannan Délimité, ka sa alama a Virgule. Kada ka yi saurin danna Terminer. A allo na uku ka zaɓi dukan kolon-kolon da ke ƙasa, ta hanyar danna na farko, ka riƙe Maj ka danna na ƙarshe, sannan ka zaɓi Texte. In ba haka ba matsalar kwanan watan nan ce za ta sake dawowa ta bayan gida. Bayan ya raba su a kwance, ka kwafe, ka je A2, ka yi Collage spécial, ka sa alama a Transposé, su tsaya a tsaye.

Gargaɗi ga masu kwamfutar Faransanci: waƙafi a wurinmu shi ne alamar gutsuren lamba. Wanda ya buga 12,20 a gidan Standard yana nufin rasit na 12 da na 20, Excel zai karanta sha biyu da ɗigo biyu, ya rubuta 12,2, sifilin ya ɓace. Idan ka ga irin wannan a fayil ɗin da wani ya shigar, ba za ka san ko 2 ake nufi ko 20 ba sai ka koma ga takarda.

4. Ka tsabtace rubutun

Abubuwa uku ne suka fi ɓata zango ba tare da ido ya gani ba. Na farko dogon karan ɗori, wanda Word kan musanya da gajeren da kansa idan an bar fili a gefensa. Ido yana ganinsu kusan iri ɗaya, amma a wurin Excel haruffa biyu ne daban. Na biyu fili na yau da kullum, kamar 3 - 7. Na uku wani ɓoyayyen fili ne da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet ko wata manhaja, lambarsa 160. A B2 ka buga wannan, ka ja shi zuwa B6:

```
=SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(A2;"–";"-");CAR(160);"");" ";"")
```

Dogon karan da ke cikin fomular ka kwafo shi daga ɗaya daga cikin gidajen da ke da shi, ya fi sauƙi a kan nemansa a madannai. Idan wakilanka sun saba rubuta "3 à 7" ko "3 zuwa 7", ka ƙara wani SUBSTITUE a waje da zai musanya kalmar da gajeren kara. Mun fi son a yi wannan da fomula a kolon B maimakon Ctrl+H a kan kolon A, saboda dalili biyu: musanyar Ctrl+H tana iya sa Excel ya sake karanta gidan ya mai da shi kwanan wata, sannan barin A yadda aka kawo shi yana ba ka abin nunawa idan gardama ta tashi.

5. Ka fitar da farko, ƙarshe da yawa

Fomula uku, a C2, D2 da E2, kowace a ja ta zuwa layi na 6:

```
C2: =CNUM(GAUCHE(B2;TROUVE("-";B2&"-")-1))
D2: =SI(ESTNUM(TROUVE("-";B2));CNUM(STXT(B2;TROUVE("-";B2)+1;20));C2)
E2: =D2-C2+1
```

Ta C tana neman karan ɗori, ta ɗauki abin da ke hagunsa. Ka lura da B2&"-" da ke ciki: kara ne na aro da aka liƙa a ƙarshe domin lamba tilo irin 12, wadda ba ta da nata, ita ma a sami inda za a yanke ta. Ta D tana cewa in akwai kara a ɗauki abin da ke damansa, in babu to ƙarshe shi ne farko. Ta E kuma ita ce lissafin biron da ka yi a mataki na 1.

Za ka ga wasu suna rubuta ta D da SIERREUR don ta fi gajarta. Kada ka yi. SIERREUR tana haɗiye kowane irin kuskure. Idan wani ya buga 15-1O da harafin O maimakon sifili, ko ƙaramin harafin l a madadin 1, za ta yi shiru ta ba ka 15 a matsayin ƙarshe, zango guda ya koma rasit ɗaya, kai kuwa ba ka sani ba. Fomular da muka bayar za ta nuna #VALEUR! a daidai layin da ke da ciwon, kuma haka ake so.

Yanzu ka tsaya ka karanta kolon E a tsanake, domin nan ne kusan dukan kurakurai ke bayyana. A misalinmu za ka ga 5, 1, 4, 5, sai -3.

Lamba mai alamar debewa ko sifili tana nufin ƙarshe ya gaza farko. Iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta a juye, kamar 30-26 na wakili B. Akwai kuma wanda aka gajarta, kamar 1250-58, inda mai rubutu ke nufin 1250 zuwa 1258, kolon E kuma ta ba da -1191. Akwai dabarar sa MIN da MAX su juya zangon da kansu, amma ba ma ba da shawararta. 30-26 yana iya zama 26-30, yana kuma iya zama 30-36 da hannu ya goce. Idan MIN da MAX suka kama 1250-58 kuwa, za su haifa maka lambobi 1,193 daga 58 har 1250. Ka kira wakili, ko ka buɗe gindin rasit da ya rage a kundi ka duba. A misalinmu mu ce an duba an tarar 26-30 ne. Ka gyara A6, E6 ta koma 5.

Lamba mai girman da ya wuce hankali ita ma alama ce. Kundin rasit ɗinka ganye 50 ne ko 100, amma E ta nuna 900: an ƙara sifili a wani wuri. Idan kuma ta nuna dubu arba'in da wani abu, yawanci an manta waƙafi ne aka rubuta 3-7-12. Fomular D ta ɗauki 7-12, CNUM ta karanta shi 7 ga Disamba, ta ba da lambar kwanan.

A E8 ka buga =SOMME(E2:E6). Ya kamata ka ga 20. Ka rubuta wannan lambar a gefen takarda, da ita za ka auna sakamako.

6. Ka nuna inda kowane zango zai fara a sabon jeri

Wannan kolon F ita ce ƙashin bayan dabarar. Ka ɗauka sabon jerin sahu ne na mutum 20. Zango na farko ya kama gurbi na 1 zuwa na 5. Na biyu zai shiga a gurbi na 6. Na uku a na 7, ya ci huɗu, na huɗu ya fara a na 11, na biyar a na 16.

```
F2: 1
F3: =F2+E2
```

Ka ja F3 zuwa F6. Za ka sami 1, 6, 7, 11, 16.

Gargaɗi: dole lambobin F su riƙa hawa ba sauka. Idan ka bar wata E mai alamar debewa a tsakiyar jeri, F za ta koma baya a wurin, kuma fomular mataki na gaba ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ba ka lambobi ne kawai da ba daidai ba. Kada kuma ka bar layin da babu komai a tsakanin zanguna, zai ba da #VALEUR! ya watsa shi ga duk na ƙasansa.

7. Warwarewa

Ka bar kolon H fanko don ido ya huta. A layi na 2 ka buga waɗannan:

```
I2: =LIGNES($I$2:I2)
J2: =EQUIV(I2;$F$2:$F$6;1)
K2: =SI(I2>$E$8;"";INDEX($C$2:$C$6;J2)+I2-INDEX($F$2:$F$6;J2))
L2: =SI(K2="";"";INDEX($G$2:$G$6;J2))
```

Ka zaɓi huɗun tare, ka ja su ƙasa har su wuce jimlar da ke E8. Tunda 20 ce, ka kai layi na 30, babu laifi, waɗanda suka yi rara za su zauna fanko a K da L.

Kolon I lambar gurbi ce kawai: 1, 2, 3 har ƙasa. Kolon J tana faɗin zangon da gurbin ya faɗa ciki. Lamba 1 da ke ƙarshen EQUIV tana nufin a nemo mafi girma a cikin F da bai wuce lambar gurbin ba. Kolon K ita ce amsar, L kuma tana ɗauko sunan wakili.

Mu bi gurbi na 8 da hannu. A cikin 1, 6, 7, 11, 16, mafi girman da bai wuce 8 ba shi ne 7, kuma shi ne na uku, don haka J ta ba da 3. Zango na uku ya fara da rasit 15, ya shiga sahu a gurbi na 7. Gurbi na 8 taku ɗaya ne gaba da nan, sai K ta yi 15 a ƙara 8 a debe 7, ta ba da 16. Gurbi na 20 kuma yana zango na biyar: 26 a ƙara 20 a debe 16, ya zama 30, rasit na ƙarshe. Duk lokacin da ka yi shakkar sakamako, ka ɗauki layi ɗaya ka bi shi haka.

Kurakuran wannan matakin biyu ne kusan kullum. Na farko mantawa da alamar $. In babu ita, kana jan fomula ƙasa tana zamewa daga F2:F6 zuwa F3:F7, layi na farko ya fito daidai, sauran su rikice ko su nuna #N/A. Ka danna kan adireshin cikin fomula ka buga F4, zai sa alamar da kansa. Na biyu shi ne ƙara sabbin zanguna a ƙasa ba tare da faɗaɗa $6 ɗin ba. Idan zangunanka 40 ne, su ƙare a layi na 41, to duk inda aka rubuta $6 ya koma $41, jimlar ma ka matsar da ita ƙasa ka gyara $E$8. Hanya mafi sauƙi ita ce ka cusa sabon layi a tsakiyar jerin a wata takardar da babu sakamako a gefenta, ko ka ajiye kolon I zuwa L a takarda ta biyu tun farko.

Mai Excel 2021 ko Microsoft 365 zai iya maye gurbin I, J da K da fomula guda a K2, ba ja, sai dai in yana son sunan wakili ya bar I da J, domin L da J take aiki:

```
=LET(pos;SEQUENCE(SOMME(E2:E6));lay;EQUIV(pos;F2:F6;1);INDEX(C2:C6;lay)+pos-INDEX(F2:F6;lay))
```

Da kanta za ta zubo lambobi 20 ƙasa. Sharaɗinta shi ne gidajen da ke ƙarƙashinta su zama fanko. Ko fili ɗaya ta tarar a hanya za ta nuna #EPARS! ko #PROPAGATION!, gwargwadon fitowar da ke kwamfutarka. Idan kuma ka ga #NOM?, Excel ɗinka bai san SEQUENCE ba, ka koma fomulolin sama. Wani abin lura: fayil ɗin da aka yi da wannan fomular ba zai sake lissafi ba idan aka buɗe shi a Excel 2016. In za ka tura wa wani reshe da ba ka san kwamfutarsu ba, tsohuwar hanyar ta fi aminci.

8. Idan Excel ɗinka na Ingilishi ne

Kwamfutocin da aka sayo ta Mubi ko Maiduguri kan zo da Ingilishi. Tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta:

```
B2: =SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(A2,"–","-"),CHAR(160),"")," ","")
C2: =VALUE(LEFT(B2,FIND("-",B2&"-")-1))
D2: =IF(ISNUMBER(FIND("-",B2)),VALUE(MID(B2,FIND("-",B2)+1,20)),C2)
I2: =ROWS($I$2:I2)
J2: =MATCH(I2,$F$2:$F$6,1)
K2: =IF(I2>$E$8,"",INDEX($C$2:$C$6,J2)+I2-INDEX($F$2:$F$6,J2))
```

Waƙafi ko waƙafi mai ruwa a tsakanin sassan fomula ba harshen Excel ne ke tsai da shi ba, saitin yanki ne na Windows. Ana samun kwamfuta mai sunayen Ingilishi amma tana son waƙafi mai ruwa. Idan Excel ya ƙi karɓar fomula gaba ɗaya, wannan za ka fara canzawa. Fayil ɗin da aka riga aka ajiye kuwa yana fassara sunayen da kansa idan aka buɗe shi a ɗaya harshen.

9. Ka auna sakamako, ka nemo maimaici da giɓi

A wani gida ka buga =NB(K2:K200). Dole ta ba da abin da ke E8, wato 20. In ta gaza, ba ka ja fomula ta kai ƙasa ba.

Amma jimla ta yi daidai ba ya nufin lissafi ya yi daidai. A M2 ka buga wannan ka ja ƙasa:

```
=SI(K2="";"";NB.SI($K$2:$K$200;K2))
```

Kowane layi ya kamata ya nuna 1. A misalinmu layi huɗu za su nuna 2: rasit 17 da 18 sun fito a wurin wakili A, sun sake fitowa a wurin wakili B. A takardar asali, 15-18 da 17-21 suna nesa da juna a hannun mutum biyu, ido ba zai kama su ba. Ainihin rasit ɗin 18 ne ba 20 ba, kuɗin da ya dace da su sefa 9,000 ne ba 10,000 ba. Kada ka goge maimaicin da Supprimer les doublons ka wuce, don zai bar na farko ne ya share na biyu ba tare da sanin wane ne mai gaskiya ba. Yawanci inda wani ya tsaya wani ya karɓi kundi ne ake samun wannan, kuma sa hannun da ke gindin rasit shi zai nuna wanda ya yanka.

Giɓi kuma ana nemansa ta akasin haka. A O2 ka buga 3, a O3 ka buga =O2+1, ka ja har ka kai 30. A P2:

```
=SI(NB.SI($K$2:$K$200;O2)=0;"babu";"")
```

Za ka ga "babu" a gaban 8, 9, 10, 11, 13, 14, 22, 23, 24 da 25. Goma ke nan. Daga 3 zuwa 30 lamba 28 ce, 18 da aka kawo da 10 da ba a kawo ba sun cika ta. Waɗannan goman ko dai suna nan a kundi ba a yanka ba, ko an soke su, ko suna hannun wani, kuma yanzu kana da lambobinsu ɗaya bayan ɗaya da za ka tambaya a kai.

10. Sifilin gaba, haruffa da dogayen lambobi

Rasit da yawa ana buga su da sifili a gaba, kamar 0003. CNUM tana zubar da sifilin, kuma haka ya kamata yayin lissafi. Ka dawo da shi a ƙarshe a wata kolon da =TEXTE(K2;"0000"). Yawan sifilin cikin fomular shi ne tsawon lambar. Idan za ka kwatanta jerinka da wani ta RECHERCHEV, ka tabbata duka biyun iri ɗaya ne, domin 0003 na rubutu da 3 na lamba ba sa gane juna, sai ka ga #N/A a kan rasit ɗin da ke gabanka.

Idan lambobin na da harafi a gaba, kamar B-0003, ka cire harafin da karansa da SUBSTITUE tun a kolon B, in ba haka ba TROUVE za ta tsaya a karan farko, CNUM ta tarar da harafi ta ba da #VALEUR!. Ka ajiye harafin a kolon nasa, ka ɗauko shi da INDEX yadda muka ɗauko sunan wakili. Ka tuna B-0003 da C-0003 ba maimaici ba ne, don haka binciken NB.SI a kan cikakkiyar lambar za a yi shi, harafi da lamba a haɗe.

Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lamba ɗaya. Lambar siriyal ta kati ko ta kaya da ta kai 16 zuwa sama, da ta bi ta CNUM alƙaluman ƙarshe za su koma sifili, kuma su ne masu canzawa daga kati zuwa kati. Ka yanke biyar na ƙarshe da DROITE ka warware su, ka bar na gaba a matsayin rubutu, sannan ka haɗe su da alamar &. Ka duba dai ko sashen gaban iri ɗaya ne a farkon zango da ƙarshensa. In zangon ya tsallaka daga 99998 zuwa 00003, ka raba shi biyu da hannu. Takarda ɗaya kuma layi 1,048,576 take ɗauka, amma tun kafin nan NB.SI a kan dubban layuka za ta sa tsohuwar kwamfuta jan ƙafa. In jerin ya yi tsawo, ka daskarar da shi, ka jera shi daga ƙarami zuwa babba, ka kwatanta kowane layi da na samansa da =K3=K2, ya fi sauƙi nesa.

11. Ka daskarar kafin ka jera ko ka tura

Kolon K da L fomula ne, suna rataye da A zuwa G. Idan ka danna Trier a kansu ba za su jeru yadda kake so ba, idan kuma ka kwafe su zuwa wani fayil za su rikice ko su koma #REF!. Ka zaɓi K da L, ka kwafe, ka buɗe sabuwar takarda, ka yi Collage spécial, ka zaɓi Valeurs. Wannan kwafin shi za ka jera, shi za ka buga a takarda, shi za ka tura. Layukan rarar da ke ƙasa, waɗanda ke kama da fanko, ka share su daga kwafin, domin suna ɗauke da rubutu marar harafi da kan shiga ƙirgen NBVAL.

Ka danna Ctrl+S bayan kowane mataki, musamman a kwamfutar tebur da ba ta da batir, saboda ɗaukewar wuta. Takardar fomulolin kuma ka ajiye ta da suna daban. Wata mai zuwa sabbin zanguna kawai za ka zuba a kolon A da sunaye a G, ka duba E, ka gyara lambar layin ƙarshe a cikin J, K da L.